Ganin likitar fata ta waya: sai da aka dawo min da hoto sau biyu

Cikin hunturun da ya wuce wani tabo ya fito wa ɗana mai shekara 7 a kunci, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Duk wanda ya san sanyin Jos ya san yadda fatar yara ke yin furu-furu a lokacin, don haka man shafawa kawai na ƙara masa. Da na ga abin yana faɗaɗa, wata maƙwabciyarmu a nan Anguwar Rogo ta haɗa ni da wata likitar fata mai duba mutane ta waya: ka biya, ka tura hoto, ta kira ka.

Da daddare na ɗauki hoton farko, ƙarƙashin ƙwan ɗaki mai hasken ɗorawa, da kyamarar gaba. Ni dai a idona ya yi kyau. Ko minti goma ba a yi ba ta kira.

"Hajiya, wannan hoton an yi masa kwalliya. Yaron naki ko ramin gashi ɗaya babu a fuskarsa."

Na rantse mata ban taɓa komai ba, kuma gaskiya na faɗa. Ashe Beauty a kunne yake tun ranar da na sayi wayar. Aikinsa shi ne ya gane fuska, ya goge duk wani gurje-gurje, ya daidaita launi, ya ƙara haske. To abin da yake gogewar nan shi likita ke nema. A hoton, tabon ya koma wani fari-fari mai santsi wanda bai da baki, irin wanda kowa zai ce kyasbi ne ko bushewar hunturu. A fuskar yaron kuwa bakinsa a tashe yake kamar zobe, da ɗan ɓawo a kewaye, tsakiyar ta lafa.

Na kashe Beauty na sake turawa, ta sake dawo da shi. Haushi ya kama ni, har na fara tunanin kuɗina. Wannan karon launi ne matsalar. Hasken ƙwan ya rine fuskar da ruwan ɗorawa, saitin Vivid kuma ya ƙara wa launukan ƙarfi, sai gefen tabon ya fito jawur kamar ƙuna. Ta ce a fata irin tamu kumburi ba kasafai yake yin ja sosai ba, ya fi karkata zuwa ruwan ƙasa mai duhu, shunayya ko toka-toka, kuma bambancinsa da lafiyayyar fata ɗan kaɗan ne. Waya na ɗan ƙara haske sai ya ɓace, tana ƙara launi sai ya zama wani ciwo dabam.

Washegari da hantsi na zaunar da shi kusa da taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan fuskarsa. Na goge gilashin kyamarar baya, na kashe Beauty, Filter, Portrait da filasha. Ya riƙe farar takarda a gefen kuncinsa. In takardar ta fito fara, launin fatar ma ya kusa daidai, in ta yi ɗorawa ko shuɗi-shuɗi a sake wuri. Rularsa ta makaranta muka kara don a ga girman. Na ɗauki guda uku: fuskar gaba ɗaya, kuncin, sai na kusa daga tazarar kamar taƙi ɗaya, bayan na taɓa tabon a jikin allo ya fito tar. Ta ce kada in jawo da yatsu, gara in matso da wayar. Na tura ta WhatsApp a matsayin Document, don turawar da muka saba tana matse hoto, ƙananan abubuwa irin ɓawon nan su dushe.

Tana gani ta ce ya yi kama da makero sosai, ta tambaya ko muna da kyanwa ko wani yaro mai irinsa, kuma ko akwai a kansa. Ta kuma hana ni shafa man nan mai haɗi uku da aka ba ni shawara a kemis, saboda akwai sitiroyid a ciki: yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana ɓoye zoben, makeron kuma ya ci gaba da yaɗuwa. Da kan hoton farko aka yanke hukunci, da wataƙila shi zan yi ta shafawa.

Inda na rage mata maki: bayanin yadda ake ɗaukar hoton kamata ya yi a turo shi tun kafin a biya kuɗi, ba sai an ɓata dare guda ba. Inda ta burge ni kuwa, ba ta ce hoto ya gama komai ba. Ta rubuta man kashe makero, ta ce in bayan sati biyu bai fara ja da baya ba, in kai shi asibiti a kankare ɓawon a duba.

Ranar da sati biyun ya cika na sake ɗaukarsa a gindin tagar nan, da takardar da rular. Zoben ya lafa, saura ɗan duhu a wurin.