Sharhi kan bitar karɓar koken kwastoma da aka yi mana a Jos

Shekara huɗu ke nan ina tsaron shagon kayan lantarki a titin Ahmadu Bello, kusa da Taminus. Lahadin da ta wuce maigidanmu ya haɗa mu da yaran wasu shaguna biyu, mu 11, ya ɗauko wata malama ta yi mana bitar awa ɗaya da rabi kan yadda ake karɓar wanda ya dawo da kaya cikin fushi. Na ƙaru ƙwarai, sai dai akwai inda bitar ba ta kai ba.

Ba ta cika mu da bayani ba. Ta ɗauki butar lantarki ta fita waje, ta dawo a matsayin Hajiyar da ta taso daga Bukuru, ta sayi butar kwana uku da suka wuce, yau ta ƙi dafa ruwa, ga sanyin Jos, yara sun tafi makaranta ba wanka. Wani abokin aikinmu ya tsaya bayan kanta. Kafin ta kai ƙarshen maganarta ya ce "Hajiya ki yi haƙuri" har sau uku.

Nan ta dakatar da wasan, kuma wannan ne abin da ya fi shiga raina. Ta ce haƙurin da aka bayar kafin mutum ya gama magana, a kunnensa "yi shiru" yake nufi. Shi ya sa muryar kwastoma ke ƙara tashi alhali kai kana ganin ladabi kake yi. Wallahi haka ne, na sha ganin wannan ban san dalili ba. Matakin farko ke nan: ka ajiye waya, ka ba ta kujera, ka saurara har ta sauke numfashi. Sannan ka maimaita mata abin da ka ji: "Hajiya, ranar Alhamis kika saya, ta yi aiki kwana biyu, yau fitilar ma ba ta kamawa, haka ne?" Sai ta ce haka ne, sannan haƙuri zai zo, shi ma mai suna: "Ki yi haƙuri da wahalar tasowa tun daga Bukuru." Ba ka ɗora wa shago laifi ba, ba ka kuma ce ita ta ɓata ba.

Daga nan sai duba rasit da gwajin kaya, a gabanta, kada a shiga da butar ciki. Sai ka faɗi abin da ke hannunka da abin da sai maigida, ka yanka lokaci, "kafin la'asar gobe", ka rubuta sunanta da lambarta a littafi, ka kira ta ko da ba a gama ba. Ta hana mu cewa "ai lafiya lau ta fita daga nan". Ta kuma tuna mana cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar dawo da kayan da ke da aibi, don haka rubutun "ba a dawo da kaya" a jikin rasit ba ya rufe magana.

Inda ban gamsu ba shi ne, Hajiyar wasan tana da rasit, kuma gaskiya na gefenta. A shago ba kullum ake samun haka ba. Buta na da hanyar gwaji. Ka ɗora ta a kan mazaunin wata irinta, in ta kama to matsalar na mazauni ne ko fiyus ɗin filogi, gyaran minti biyar. In kuwa ka leƙa ciki ka ga gindin ya sauya launi, ga warin ƙuna, galibi an kunna ta ba ruwa ne. Yaya za ka faɗa wa babbar mace haka ba tare da ta ji ka ƙaryata ta ba? Na tambaya, malamar ta ce a nuna mata gindin a bar ta ta gani da idonta, sai lokaci ya ƙare. Wannan wurin ya cancanci wasa na biyu.

Ranar Talata wani dattijo ya dawo da dutsen guga, ransa a ɓace. Na yi shiru har ya gama, na maimaita masa, na ce "Baba, bari mu gwada a gabanka." Waya ce ta saki a cikin filogi, na ɗaure, ya tafi yana sa albarka. Amma da canji ake bukata, da sai na ce ya jira maigida, domin har yau ba a faɗa mana kayan nawa yaron shago zai iya canzawa da kansa ba. Duk mai son ɗauko irin wannan bita, ya zauna a ciki shi ma, ya yanka wa yaransa wannan iyaka tun malamar ba ta tafi ba.