Mutum goma sha biyu, huɗu na wucewa ne: ka ɗauki na wata-wata

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu goma sha biyu ne a ofis, takwas na dindindin, huɗu kuma muna ɗaukarsu ne lokacin da aiki ya yi yawa, kamar na wata huɗu. Za mu buɗe Google Workspace. Na wata-wata ya fi ko na shekara? Na ga na shekara ya fi arha."

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ɗauki na wata-wata, wanda za ka gani a shafinsu da sunan Flexible Plan. Arhar da ka hango gaskiya ce, amma ba ta irin ofishinku ba ce.

A farashin dala da Google ya sa a 2025, ƙaramin tsarin, Business Starter, dala 7 ne kan kowane mutum a wata idan ka ɗaure kanka na shekara, dala 8.40 kuma idan wata-wata ne. Abin da za a nuna maka a ƙasarka yana iya bambanta, sai ka duba naka allon, amma ratar da ke tsakani ita ce abin lura: kashi ashirin cikin ɗari. Wannan ratar tana nufin kuɗin wata goma na wata-wata daidai yake da kuɗin shekara cur na ɗaya tsarin, dala 84 ke nan ko ta ina ka bi. Saboda haka duk kujera, wato lasisin mutum ɗaya, da za a zauna a kanta fiye da wata goma, na shekara ya fi mata. Wadda ba za ta kai wata goma ba, asara ce ka saya mata shekara.

To mu ɗora wannan a kan mutanenka. Idan ka sayi kujera goma sha biyu na shekara, za ka biya dala 1,008, ko mutum huɗun nan suna nan ko sun tafi. Idan wata-wata ne, takwas ɗin dindindin za su ci dala 806.40 a shekara, huɗun kuma a wata huɗunsu dala 134.40. Jimilla dala 940.80. Ka ga wanda ya fi tsada a ido shi ne ya fi sauƙi a aljihu, kuma ba ka sa hannu a kan komai ba.

Ni da shi nake aiki, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Akwai lokacin da muka ɗauki matasa don aikin shigar da bayanai, aikin ya ƙare kafin lokacin da muka tsara. Ranar da muka yi sallama da su, na zauna da yamma na mayar da fayilolinsu zuwa asusun shugabar sashen, na goge asusunsu. Da bil ɗin ƙarshen wata ya zo, kwanakin da suka yi kawai aka lissafa mana, har akantanmu ya taso da takardar a hannu yana tambaya ko kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne, haka tsarin yake: wanda ya yi rabin wata, kuɗin rabin wata za a caja.

Sai dai a kula da abu guda da ke cin kuɗin mutane a ɓoye. Dakatar da asusu, wato Suspend, ba ya tsayar da caji. Muddin asusun yana nan, ana lissafa shi kamar mai shi yana aiki. Idan kana so kuɗin ya tsaya, sai ka kwashe abin da ke ciki ka goge shi. Alamar da za ka gane kana biyan banza ita ce ka shiga Billing ka ga adadin lasisi ya fi adadin mutanen da kake gaisawa da su da safe.

Na shekarar, Annual/Fixed-Term Plan, ban ce ba shi da amfani ba. Ofishin da mutanensa ba sa canzawa zai rage kuɗi da shi. Amma ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya: kana iya ƙara kujera ko yaushe, ba ka iya ragewa sai lokacin sabuntawa. Ma'aikaci ya tafi, kana iya ba wani kujerarsa, amma bil ba zai sauka ba. Ka soke a tsakiyar shekara, ragowar watannin suna wuyanka. Sauyin tsari ma haka yake. Daga wata-wata zuwa shekara ba wuya, ranar da ka ga dama. Dawowa kuwa sai wa'adi ya cika, kuma idan ba ka gyara zaɓin sabuntawa ba kafin ranar, yana iya sake ɗaure ka wata shekarar.

Wasu suna cewa na shekara yana kare mutum daga faɗuwar naira. Wannan sai idan ka biya kuɗin duka a dunƙule tun farko. Idan alkawarin shekara ka ɗauka amma wata-wata ake cira a dala, farashin dalar kawai ka tsayar. Waɗanda suka shiga irin wannan kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, sun ga ta haura 1,500 a farkon 2024, ga shi ba halin rage ko kujera ɗaya.

Akwai kuma iyakar da za ku iya wucewa, wato ta wurin ajiya. Starter yana ba da gigabait 30 kan kowane mutum, a haɗa su wuri ɗaya kowa ya ɗiba. Ku goma sha biyu kuna da 360. Ranar da huɗun suka tafi ya koma 240, alhali fayilolinsu suna nan tunda ka kwashe su. Idan kuka haura, ba tara za a ɗora muku ba, ɗora sabbin fayiloli ne zai tsaya, sai kun share ko kun ƙara kuɗi. Hawa tsarin da ke gaba, Business Standard, kuwa ninki biyu ne na farashi. Don haka ka duba Storage kafin ka goge kowa. Wasu manhajojin ba sa tsayar da kai, caji suke yi. Idan kuna aika saƙon talla da Mailchimp, adadin lambobin imel ya wuce na tsarinku, ƙarin kuɗi zai fito a bil, kuma har waɗanda suka cire kansu daga jerin ana ƙirga su sai an mayar da su Archive.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: ka yi nesa da masu tallan "lasisin har abada" a kan 'yan dubbai. Sau da yawa asusun wata makaranta ko wani kamfani ne suke yankawa suna sayarwa. Mai riƙe da asusun yana da iko a kan duk abin da kuka ajiye, kuma ranar da aka rufe shi komai ya tafi. Dillalai na gaskiya suna nan, wasu ma suna karɓar naira, amma kafin ka ba kowa ko kwabo ka tabbatar sunan yankinku na intanet da sunan ofishinku aka yi masa rajista, asusun Super Admin mai iko da sauran asusun duka yana hannunka, kuma an rubuta maka a takarda ko wata-wata ne ko shekara. Akwai masu karɓar kuɗin wata-wata alhali sun sa ka a alkawarin shekara, ba za ka sani ba sai ranar da ka ce a rage kujera.

Ka fara da Flexible Plan yanzu. Idan zagayen aikinku ya kammala ka ga ainihin yawan waɗanda suka zauna, sai ka sake buga lissafin wata goman nan da adadinsu.