PS4 mai ihun fanka: a buɗe a gida ko a kai wa mai gyara?

"Jama'a, PS4 ɗina na shekara bakwai, fanka na ihu kamar injin niƙa. An ce man da ke kan ƙwaƙwalwarsa ne ya bushe. In canza da kaina ko in kai wa masu gyara a Sakul?"

Ɗan'uwa, kafin ka taɓa man nan, ka fara zargin ƙura. A ɗakunanmu na Nima, a Accra, hunturu biyu sun isa su toshe haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta cikinsu. Nawa da na buɗe, ƙurar ta dunƙule kamar bargo, na ɗago ta da tsinken sakace. Wannan aikin gida ne: sukundireba mai bakin tauraro da rami a tsakiya, TR9, sai buroshi. In ka share tas, amma ihun ya dawo minti kaɗan da fara wasa, ko allo ya nuna `The PS4 is too hot`, to, yanzu mai ya shigo magana.

Shi man ba ya sanyaya komai, cike 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen yake yi don zafi ya samu hanyar wucewa. In ya bushe sai ya tsattsage kamar busasshen laka, zafi ya maƙale, fanka ta yi ta haukan banza.

Shafawar ba wuya. Ka goge tsohon da auduga da sipirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka ɗiga sabo kamar ƙaramar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure notuka biyu na maƙallin da ke danne ƙwaƙwalwa a kan ƙarfen da kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Isa wurin ne aiki, domin a PS4 na farko, irin na 2013, sai ka cire akwatin wuta da na faifai, ka ɗaga allon injin gaba ɗaya. Siraran wayoyin nan masu kama da kintinkiri ba su da haƙuri, soket ɗin wayar akwatin wuta kuma, in ka fizge shi, da gindinsa yake tasowa. Daga nan sai mai walda.

Mai gyara ya fi ka a nan, hannunsa ya saba. Inda ka fi shi, ka san abin da ka shafa. Na taɓa karɓo injin daga wani shago, wata biyu ihu ya dawo. Da na buɗe, farin mai ne na arha an lafta kamar man shanu a burodi. In za ka kai, ka sayi naka, irin MX-4, ka tsaya a shafa a gabanka, ka ga an mayar da 'yan katifun robar da ke kan ƙananan ƙwaƙwalwa.

In ka taɓa kwance laftof ka haɗa ba notin da ya yi saura, yi a gida, kana ɗaukar hoto a kowane mataki. In ba ka taɓa ba, share ƙura ka tsaya nan. Masu PS5 kuwa, naku ruwan ƙarfe ne, ɗigo ɗaya a kan allon injin ya isa ya ƙona shi, kada ku gwada.