Taransfoma mai lambar K-13: abin da na gani bayan wata takwas

Ina kula da wutar wani sashen masana'anta da ke da injina masu na'urar sarrafa gudun motar lantarki da ke juya su, wato VFD, duk a rataye jikin busasshiyar taransfoma guda mai 75 kVA, wadda ke ba da bolt 400. Farantinta ya nuna za ta ɗauki kusan amfiya 108. Mitarmu kuwa tana nuna 105 ko 106 idan aiki ya kankama. A takarda ba mu wuce iyaka ba. Amma akwatinta ba ya taɓuwa da hannu, ƙararta ta sauya ta koma wani siririn kuka a kan gurnanin da aka saba ji, kuma da muka buɗe ta sai muka tarar fentin da ke rufe naɗin wayar ya yi baƙi daga bakin sama da bakin ƙasa, tsakiya kuma lafiya lau. Wannan ƙunar ta baki-baki ita ta sa na daina zargin iska ko ƙura, na aro mitar da ke rarrabe hamonik.

Kowace VFD tana da rektifaya mai dayod shida a bakinta, da kapasita a bayanta. Irin wannan haɗin ba ya jan karant a hankali yadda igiyar boltej ke hawa da sauka. Fizga yake yi, sau biyu a kowane rabin zagaye. Idan aka warware wannan fizgar sai a sami karant na asali mai 50 Hz, tare da wasu da ke gudu ninkin-ba-ninkinsa: na 5, na 7, na 11, na 13. Su ne hamonik. Na biyar yana kan 250 Hz, na sha ɗaya a kan 550 Hz. Abin da muka auna a layi guda shi ne amfiya 100 na asali, 30 na biyar, 12 na bakwai, 8 na sha ɗaya, 5 na sha uku.

Duk wanda ya kalli waɗannan adadi zai ce ai ba su taka kara sun karya ba, kuma ta fuska guda yana da gaskiya: jimillarsu ta RMS, wato wadda mita ke nunawa, 105.5 ce kacal. Inda gizo ke saƙa shi ne zafin naɗin waya iri biyu ne. Akwai na tirjiyar wayar kanta, wanda ke bin girman karant kawai. Akwai kuma na edi karant, ƙananan karant da maganaɗisun da ke yoyo yake tayarwa suna kewaya a cikin jikin tagullar. Shi wannan na biyun ba girman karant kaɗai yake bi ba, har da saurinsa, kuma ninkin saurin ake ninkawa a kansa. Amfiya ɗaya na hamonik na biyar tana haifar da shi sau 25 na abin da amfiya ɗaya ta asali za ta haifar. Ta sha ɗaya kuwa sau 121. Maganaɗisun yoyon yana lanƙwasawa ne ya yanki wayar a ƙarshen naɗi, shi ya sa tamu ta ƙone daga can.

Lambar K wannan ninkin take aunawa:

```
K = Σ(Ih² × h²) / Σ(Ih²)
```

A nan h ita ce lambar hamonik, Ih kuma karant ɗinsa. A namu lissafin, ƙasan ya zama 10000 + 900 + 144 + 64 + 25, wato 11133. Saman kuma 10000 + 22500 + 7056 + 7744 + 4225, wato 51525. An raba, K ta fito 4.6. Na daɗe ina kallon 7744 ɗin nan. Amfiya 8 tak, waɗanda ko lura da su ba a yi a mita, sun kusa kamo gudummawar amfiya 100 na asali wajen zafin edi karant.

Taransfoma ta yau da kullum K-1 ce, an ƙera ta ne don karant mai santsi. Idan muka ƙaddara edi karant ɗinta kashi 10 ne cikin ɗari na asarar tirjiya, wanda ƙiyasi ne nawa ba adadin maƙerinta ba, to an shirya ta ta zubar da zafin da ya kai 1.1, idan aka ɗauki asarar tirjiyar a matsayin 1. Da kayanmu sai ya zama 1 da 0.46, kusan 1.46 a cikakken lodi. Don ta koma zafin da aka tsara mata, sai an rage karant zuwa kashi 87 cikin ɗari, kusan amfiya 94, wato 65 kVA. Mu kuwa muna ta ɗora mata 105. Masu aikin lantarki sun san ƙa'idar nan cewa ƙarin zafi na kamar digiri 10 yana raba rayuwar abin rufe waya gida biyu, don haka ban yi mamakin abin da na gani ba.

Mun sayi mai K-13, ita ma 75 kVA. K-4 ta ɗan gaza abin da muka auna, K-9 da ta wadatar amma ba mu same ta a lokacin ba, kuma ana shirin ƙaro injina. A wajen zafi na gamsu ƙwarai. Lodi bai canza ba, ɗaki bai canza ba, amma yanzu ina ɗora tafin hannuna a akwatin in bar shi, kuma na'urar auna zafi daga nesa ba ta nuna min bakin naɗin ya yi wa tsakiya fintinkau kamar da. Sirrin ba wani abin mamaki ba ne: maimakon waya guda mai kauri, an yi naɗin da siraran wayoyi da yawa a jere, kowacce da rufinta, don edi karant ya rasa filin kewayawa, an kuma ƙara ƙarfen ciki da hanyoyin iska.

Sai dai akwai abin da ya ɓata min rai, kuma laifin yadda ake tallata ta ne. An bar shugabanninmu da tunanin cewa za ta tace wutar. Ba ta tace komai. Na sake aunawa bayan an ɗaura ta, hamonik na biyar yana nan daram, har ma ya ɗan ɗaga, abin da nake dangantawa da cewa sabuwar ba ta tare karant kamar tsohuwar. Lambar K juriya take nufi: taransfomar za ta ɗauki cikakken lodi mai irin wannan hamonik ba tare da ta wuce zafin da aka yarje mata ba. Kebul da burekoki da duk abin da ke gabanta suna ci gaba da shan abin da suke sha.

Sannan ta fi tsohuwar girma da nauyi, sai da muka gyara mazauninta, kuma ranar farko fizgar kunnawa ta kashe bureka sau biyu kafin muka daidaita shi. Tana kuma zuwa da sandar nutural mai ɗaukar ninki biyu na karant. Wannan alheri ne ga ginin da ke cike da kwamfutoci da fitilun LED, inda rektifaya masu layi ɗaya ke zubo hamonik na uku, wanda daga layuka ukun yake taruwa a nutural maimakon ya kashe juna. Namu injinan masu layi uku ne, kusan ba sa fitar da na uku, don haka mun biya kuɗin abin da ba mu amfana da shi ba.

Da zan sake, da riyakta mai kashi 3 cikin ɗari, wato naɗin waya da ke rage kaifin fizgar karant, zan fara sa wa kowace VFD da ba ta da shi, in sake aunawa, sannan in zaɓi lambar K daga sabon sakamakon. A wata na shida mun sa wa manyan injina biyu, hamonik na biyar a layin ya sauko daga 30 zuwa wajen 25, siririn kukan ma ya ragu. Sauran ukun suna jiran hutun gyara mai zuwa.