Allon kasafin shugaba: mai lambobi talatin ko mai huɗu?

Allon kwamfuta da ke nuna lissafin kuɗin kamfani, in mai lambobi talatin ne, yana burge mutane a taro, amma da shugaban kamfani ya tambaya ko a ƙara wa sashen talla kuɗi, sai a shiga lalube.

Mai huɗu kuwa yana nuna kuɗin hannu, watanni nawa za su kai, abin da kowane sashe ya kashe daga kasafinsa, da bashin da ake bin kwastomomi. Idan sashen da aka ware wa naira miliyan goma na shekara ya cinye takwas a rabin shekara, sai lambarsa ta yi ja, a dakatar da shi.

Aibinsa, jimla tana ɓoye ɓarna. Rarar wani reshe kan rufe giɓin wani. Duk da haka shi na zaɓa, muddin taɓa lamba zai buɗe bayanin rassa.