Ranar da aka toshe min layi ina jiran kiran kuɗin riɗi

Ni ɗan kasuwar Dawanau ne a Kano, riɗi da zoɓo nake harka, kuma layin da zan yi magana a kai ya fi shekara 10 a hannuna, duk kwastomomina da shi suka san ni. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, yadda ofishinsu ya yi da ni kawai zan bayar.

Ranar wata Talata mun gama lodin buhu 120 na wani Bayarabe da ke saye daga Legas, muka yi da shi ƙarfe 2 zai kira ya tura cikon kuɗi mota ta tashi. Shi kuwa mutumin nan tun da 'yan damfara suka taɓa tura masa akawun na bogi da sunan wani dillali ya yi rantsuwa ba ya sakin ko sisi sai ya kira lambar da ya sani ya ji murya an karanto masa akawun. Wajen ɗaya da rabi na ɗauko waya zan kira direba sai wata mata ta ce min an dakatar da layina, wallahi sai da na ji cikina ya juya.

Na kashe na kunna, na cire sim na goge da bakin riga, shiru. Yarona ne ya ce Alhaji kawo, ya sa a tasa wayar, amsa ɗaya. Daga nan muka gane ba waya ba ce, kuma sim ɗin bai ƙone ba tunda sabis a cike yake, da ya lalace wayar ma ba za ta gan shi ba. Da kuma wani ne ya je ya yi welkam bak da lambata to sabis ɗin ne zai ɗauke gaba ɗaya, wannan kam banki ake fara rugawa ba ofishin waya ba.

Na ari waya na kira mutumina sau uku bai ɗaga ba, baƙuwar lamba ce, ban ga laifinsa ba. Abin da ya cece ni shi ne WhatsApp, ashe ko an toshe sim yana ci gaba da aiki da lambarka matuƙar akwai intanet kuma ba ka goge shi ba. Yaron ya kunna min data daga wayarsa na yi wa Bayaraben kiran bidiyo, ya ga fuskata ya ga motar a bayana, na karanto akawun ya tura. Amma fa alat bai shigo ba, lambar da banki ke turowa ma haka, sai da na hau babur na je banki aka duba min kafin na sallami direba, lokacin har an yi la'asar ya tsaya yana min ƙorafin kuɗin jira.

Washegari na yi sammako ofishinsu, bakwai da rabi ina wajen amma lamba ta 46 na samu. A ƙofa akwai samari masu cewa kawo dubu biyu a buɗe maka yanzu, kar ka ba su, a ciki ko kwabo ba a karɓa ba.

Yarinyar da ta duba ni ta iya aikinta gaskiya. Na ce mata baiwar Allah ai na haɗa NIN ɗina tun 2021, ta juyo min da kwamfuta ta ce Baba ka tura lambar amma ba ta tantancu ba. A rajistar sim an rubuta Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, ranar haihuwa ma daban, don yaron da ya yi min rajista a ƙarƙashin lema a bakin titi daga kansa ya ƙirƙiro ta. Da wa'adin haɗa layi da NIN na 14 ga Satumba 2024 ya wuce sai aka riƙa rufe irin namu. Ta ce sun turo saƙo, ƙila ma sun turo, ni duk a talla nake ɗaukarsu. Aka sake ɗaukar hotona da yatsu, babban yatsa ya ƙi kamawa saboda kantar da ya yi sai da aka gwada sau huɗu, ta nuna min in riƙa danna `*996#` ina duba matsayin layin.

Ta ce cikin awa 24, kuma da asubar Alhamis layi ya dawo, a nan na yaba musu. Abin da ya ƙona min rai shi ne awa biyar a layi mutum uku kacal ke aiki, tsofaffi a tsaye cikin rana babu rumfa. Maki uku cikin biyar zan ba su, biyu daga ciki na yarinyar nan ne. Bayaraben kuma na tura masa lamba ta biyu ta bidiyo, ya ajiye ta da sunana.