Daren da kasa ta sari Duna: abin da na gani a asibitin dabbobin da na kai shi

Duna kare ne baƙi, shekararsa huɗu yana gadin kajina a wajen Lamingo. Duk wanda ya san yankin nan na Jos ya san duwatsu ne da ciyawa, kuma da ruwan farko ya sauka macizai suke fitowa neman ɓera da kwaɗi. Ranar wata Laraba a watan Mayu, mun idar da sallar isha ke nan, sai muka ji ya yi wani irin kuka guda ɗaya a bayan ɗakin ajiyar dusa. Kafin in ɗauko tocila ya iso wurina yana goga hanci da ƙafa. A leɓensa na sama, ɓangaren hagu, akwai ɗigon jini biyu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wayar da na yi a daren. Wani abokina ne ya taɓa ba ni lambar wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin gari, ban taɓa kira ba sai ranar. Ban sa rai za a ɗauka ba, don ƙarfe takwas da rabi ta wuce. Bugu biyu likitan ya ɗauka, kuma bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Malam, a ina ya sare shi, kuma ƙarfe nawa?" Da na ce a leɓe, sai ya ce in ajiye komai in cire masa abin wuya yanzu-yanzu. A lokacin ban ga dalili ba, don wuyan lafiya lau yake. Bayan minti arba'in, da kumburi ya gangaro daga fuska zuwa maƙogwaro har fatar ƙarƙashin haɓarsa ta yi lodo-lodo kamar an cika leda da ruwa, sai na gane da abin wuyan nan yana jikinsa da shi zai shaƙe shi.

Muna cikin magana Baba maigadi ya zo da reza a hannu ɗaya, kwalbar manja a ɗayan. Dattijo ne da ya yi noma shekaru a wajen Shendam, ya ga saran maciji ba adadi, kuma don ƙauna ya yi. Ya ce, "Alhaji, a tsaga wurin a matse, a ɗura masa manja ya amayar da dafin." Ni kuma ga ƙwayar dikulofenak a aljihuna, wadda nake sha don ciwon baya, har na ɓallo guda. Likitan ya jiyo mu ta wayar, ya ce in buɗe murya Baba ya ji. Bai yi masa tsawa ba. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri ku ajiye rezar nan. Dafin ba a ciki yake ba balle amai ya fito da shi, ya riga ya shiga nama. In kun tsaga, jini kawai za ku buɗe wa hanya, dafin ba zai biyo ba." Game da manja ya ce karen da maƙogwaronsa ke kumbura ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura masa yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, a ƙara masa wata cutar. Ƙwayar tawa kuwa, ya ce ita da ibufurofen da asfirin duk suna ƙara zubar jini, suna cin ciki da ƙodar kare ko da lafiyarsa ƙalau. Na mayar da ita aljihu jikina a sanyaye, don saura ƙiris da na ba shi.

Sauran umarnin gajere ne. Kada a bar shi ya yi tafiya, don motsi ne ke tura dafi cikin jiki. Kada a ɗaure masa baki ko da yana neman cizo saboda zafi, tunda da bakin yake numfashi yanzu, a naɗe shi da bargo a ɗauka. Kada a sa ƙanƙara. In macijin yana inda za a gan shi daga nesa a ɗauki hoto, in ba ya nan kada kowa ya sa hannu cikin ciyawa nemansa. Yarona ya haska daga kan tarin bulo, sai ga ta a kwance jikin bango, gajeriya mai kauri kamar damtse, kai mai faɗi, da zane irin na baka-baka a gadon baya. Kasa ce, ko gezau ba ta yi ba. Muka ɗauki hoto muka tura, muka sa Duna a bayan mota.

Har nan, da an ce in ba asibitin nan maki, da na ba su duka. Muna isa likitan yana bakin ƙofa. Ya ɗaga leɓen da bai kumbura ba ya duba dasashi, ya danna da yatsa ya ga yadda jini ke dawowa, ya sa masa ƙarin ruwa a jijiyar ƙafar gaba. Ya ɗebi jini kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ya ajiye, ya duba agogo. Bayan minti 20 ya karkata kwalbar, jinin ya daskare bai zubo ba. Ya yi mini bayani cewa da kububuwa ce, wadda wasu ke ce wa gobe da nisa, da wuya jinin ya daskare, don ita jini take tsinkawa, kuma kare yana iya zama garau da daren sai washegari a ga jini a dasashi da fitsari. Ita kasa aikinta a nama ya fi yawa, ruwa da jini su yi ta tsiyaya cikin kumburi har jinin da ke yawo a jijiya ya ragu, kare ya sume. Shi ya sa ƙarin ruwa ya zo da farko.

Sai kuma ya ce da ni ba su da maganin dafi.

Wallahi na kasa magana. A waya ya ce in taho da sauri, bai ce mini ba su ajiye ba. Da ya faɗa, ai da na tura yarona kan babur yana nema tun muna hanya, da ba mu yi asarar kusan sa'a biyu ba. Uzurinsa shi ne maganin da tsada, yana kuma lalacewa a ajiye kafin a samu mai bukata. Na ji, amma wannan ba ya hana a faɗa wa mutum gaskiya a minti na farko. Asibitin dabbobi a garin da ke da duwatsu ta ko'ina, a farkon damina, a ce babu ko kwalba ɗaya, kuma babu ko takardar da ke nuna kantin da ake samu. Ni na bar karena a kan tebur yana numfashi da ƙyar, na shiga gari ƙarfe goma na dare ina bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya.

A nan ma sai da likitan ya sake taimakona, dole in faɗa. Ya turo mini saƙo cewa kada in karɓi kowace kwalba sai na ga an rubuta Bitis arietans a cikin jerin macizan da ke jikin kwalin, sunan kasa ke nan a wurin masana. Kanti na biyu suka fito mini da wani mai ɗan sauƙin kuɗi, mai kantin yana rantsuwa cewa na kowane maciji ne. Na duba, babu sunan, na macizan Indiya ne. Da ba don saƙon nan ba da na biya na taho da abin da ba zai yi aiki ba. A kanti na huɗu na samu wanda ake haɗawa a Kosta Rika don macizan ƙasar nan guda uku, kububuwa da kasa da kumurci, irin wanda ake yi wa mutane a asibitocin da ke kula da saran maciji a Kaltungo da Zamko. Kuɗin kuwa kun san yadda ya koma. Na tambaya ko rabin kwalba ba zai isa ba tunda Duna kilo 22 ne kawai. Likitan ya ce ba da nauyin kare ake auna shi ba, da yawan dafin da ya shiga ne, kuma maciji ba ya rage dafi don wanda ya sara ƙarami ne. Kwalba biyu na saya.

Ya zuba a cikin ruwan ya sake shi a hankali, ya zauna kusa da allurar gaggawa a hannu, don ya ce daga jinin doki ake samo maganin kuma wani jikin yana ƙin sa. Duna bai ƙi ba. Wajen ƙarfe biyu kumburin ya tsaya a inda muka yi masa alama da biro a ƙirji, bai ƙara gaba ba.

Daga nan likitan ya tafi gida, ya bar mu da wani yaro da ya ce zai riƙa dubawa. Yaron ya yi barci a kan benci kafin uku. Ni na ga ruwan ya ƙare jini ya fara hawowa cikin robar, ni na tashe shi. Amma da safe a takardar kuɗi akwai layi guda na kula da dare, cikakke, ba ragi. Na yi magana, mai karɓar kuɗin ta ce haka tsarin yake. Wannan ya fi rashin maganin ɓata mini rai, don shi rashin magani ana iya cewa hali ne, wannan kuwa kuɗin aikin da ba a yi ba ne.

Kwana biyu muka yi. An sallame mu da maganin zafi na karnuka da gargaɗin in riƙa duba kalar fitsarinsa da dasashinsa. Ba wanda ya ce mini fatar wurin saran na iya mutuwa. Rana ta biyar na ga wani wuri kamar faɗin kwabo a leɓen ya yi baƙi ya bushe yana wari, hankalina ya sake tashi. Na kira, likitan ya ce ai da ma dafin kasa yana yin haka, in kawo shi a yanke mataccen naman a wanke. Da ma an sani, me ya hana a faɗa mini ranar sallama? Sau uku muka koma wanki, kowanne da kuɗinsa.

Yau sati shida. Duna ya koma gadi, leɓen ya warke da ɗan tabo, in ya rufe baki haƙori ɗaya yana leƙowa. Mun sare ciyawar bayan ɗakin dusa, mun kwashe tarin bulon, na kuma sa an ɗora buhunan a kan katako saboda ɓeraye, tunda su suka jawo ta.

Maƙwabcina ya tambaye ni lambar asibitin, na ba shi, don likitan ya san aikinsa kuma yana ɗaukar waya da dare. Na haɗa masa da sunan kantin da na samu maganin, na ce in abin ya faru, Allah ya kiyaye, ya tura mutum can tun kafin ya tada mota, kuma ya tafi da wanda zai iya kwana ido biyu a kan ruwan.